Angola Ba Ta Saci Gurbinmu Ba: Martani Kan Rarar Ƙwallaye

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubucin wasanni ya yi kwanan baya a kan yadda ake raba gardama idan ƙungiyoyi biyu suka yi kunnen doki a yawan maki. Matsayarsa a fili take. A ganinsa, rarar ƙwallaye, wato abin da ya rage idan aka debe waɗanda aka zura maka daga waɗanda ka zura, ita kaɗai ce ma'aunin adalci, kuma duk hukumar da ta fifita sakamakon karawar juna a kanta ta buɗe ƙofar zalunci. Babbar hujjarsa ita ce abin da ya sami Najeriya a 2005, lokacin da Angola ta tafi gasar cin kofin duniya a Jamus ta bar mu a gida, alhali makinmu ɗaya da ita kuma mun fi ta cin ƙwallaye nesa ba kusa ba. Ya kira wannan fashi da rana tsaka.

Malam, ciwon da kake ji ni ma ina jin sa har yau. Ranar 8 ga Oktoba 2005, cikin kwanakin farko na azumi, ina zaune a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu, a kan benci na uku daga gaba, muna kallon Super Eagles na lallasa Zimbabwe a Abuja. Wani dattijo mai gyaran keke yana gefena, ya manna ƙaramar rediyo a kunne yana bibiyar abin da ke gudana a Kigali, inda Angola ke wasa da Ruwanda. Duk ƙwallon da muka ci sai ɗakin ya kaure da ihu, shi kuwa ko motsi ba ya yi, domin ya san ƙwallayen da muke ci ba su ne za su kai mu ba. Saura kamar minti goma a tashi sai ya sauke rediyon a kan cinyarsa ya ce, "Yara, ku zauna, Akwa ya ci wa Angola." Mun ci biyar da ɗaya, muka fito kowa kansa a sunkuye, ruwan buɗa-baki ma da ƙyar ya wuce. Saboda haka ba wanda zai koya mini zafin ranar. Amma zafin abu daban, zalunci daban, kuma ina so mu bi lissafin nan sannu a hankali mu ga ko akwai inda aka cuce mu.

Rukunin na ƙasashe shida ne: Najeriya, Angola, Zimbabwe, Gabon, Aljeriya da Ruwanda. Kowa ya yi wasa goma, biyar a gida biyar a waje, kuma wanda ya zo na ɗaya kaɗai ke tafiya Jamus. Najeriya ta ci wasa shida, ta yi canjaras uku, ta sha kashi sau ɗaya. Angola ma haka, babu bambanci ko na wasa ɗaya. Da yake nasara maki uku ce, canjaras kuma maki ɗaya, kowace ta tashi da maki 21. A ƙwallaye ne hanya ta rabu: mu mun zura 21 an zura mana 7, rararmu 14 ke nan, su kuwa sun zura 12 an zura musu 6, rararsu 6. Har nan ba mu da saɓani da kai. Abin da ka ambata a gurguje ka wuce shi ne wasanni biyun da muka yi da su ido da ido. A Luanda, cikin Yunin 2004, Akwa ya zura mana ɗaya mai ban haushi a ƙarshe-ƙarshen wasa. Shekara guda bayan nan, ranar 18 ga Yuni 2005, suka zo mana har Kano, filin wasa na Sani Abacha. Jay-Jay Okocha ya ci tun da farkon wasa, jama'a suka ɗauka ruwan ƙwallaye za a yi, bayan hutun rabin lokaci Figueiredo ya farke, aka tashi ɗaya da ɗaya. A cikin maki shida da aka ajiye tsakaninmu, Angola ta kwashi huɗu, mu muka tsira da ɗaya.

Dokar da FIFA ta rubuta wa wasannin neman gurbin 2006 ta ce idan maki ya zo daidai, karawar juna za a fara dubawa. An rubuta ta tun kafin a busa usur na farko, ba a ɓoye wa kowa ba. Shi ya sa aka sallami Christian Chukwu bayan wasan Kano aka ɗora Augustine Eguavoen, duk da cewa a ranar makinmu 15, na Angola 15, kuma rararmu ta fi tasu. Masu hukumar ƙwallon ƙasar nan sun san abin da canjaras ɗin ya janyo, sun san tikitin ya fita daga hannunmu ya koma hannun wasu. Wanda aka yi wa fashi ba ya korar mai gadinsa wata huɗu kafin zuwan ɓarayi.

Akwai kuma abin da masu irin ra'ayinka ke yawan mantawa. Kuna ɗaukar sakamakon da aka samu a ƙarƙashin wata doka, ku ɗora masa wata dokar daban, ku ce ga wanda ya kamata ya wuce. To ai doka tana canja yadda ake buga wasan kansa. Angola ta je Kigali ta san ci ɗaya ya ishe ta, kuma cikin nasarorinta shida, huɗu duk ɗaya da nema ne. Ƙungiyar da ta san ƙwallo ta biyu ba za ta ƙara mata komai ba, ba za ta kwashe 'yan bayanta ta tura gaba ta bar gida a buɗe ba. Da an ce musu tun farko rara ce ma'auni, da wani wasan suka buga. Wataƙila da sun ƙara ci, wataƙila da sun buɗe baya an cinye su, amma ko yaya ne, alƙaluman 12 da 6 da kake kafa hujja da su ba za su kasance haka ba. Haka mu ma. Goma daga cikin ƙwallayenmu 21 a wasanni biyun ƙarshe muka ci su: biyar da biyu a kan Aljeriya a Oran, biyar da ɗaya a kan Zimbabwe a Abuja. Rabin rararmu cif daga waɗannan ranaku biyu ta fito. Aljeriya ta daɗe da fita daga tseren zuwa Jamus. Zimbabwe kuwa ta zo Abuja ta riga ta kama matsayi na uku da ke kai wa gasar cin kofin Afirka ta 2006, na ɗaya kuma ya fi ƙarfinta. Ko an ci ta ɗaya, ko an ci ta biyar, kujerarta ba ta motsi. Ba ina cewa sun sayar da wasa ba ne, ko kusa. Ina cewa ƙwallo ta huɗu da ta biyar a ragar wanda ba shi da abin karewa ba ta kai nauyin ƙwallo ɗaya a ragar abokin hamayyarka da ke neman abin da kake nema ba.

Ka kawo hujja ɗaya da ta fi sauran ƙarfi, kuma ba zan kewaye ta ba. Ka ce tun da maki ya zo daidai, kuma Angola ta fi mu da maki uku a karawar juna, to lallai mun fi ta da maki uku a kan sauran ƙasashe huɗun. Gaskiya ne: mun samu 20 a kansu, Angola ta samu 17. Ka ce ashe ke nan an ƙirga wasannin Luanda da Kano sau biyu, sau ɗaya a cikin maki, sau ɗaya a wajen raba gardama, aka yi watsi da sauran wasanni takwas. Wannan magana ce ta mai tunani. Amma duba, duk wani ma'aunin raba gardama maimaita ƙirga ne. Idan ka ɗauki rara, nasarar da aka riga aka biya ka maki uku a kanta ce ake sake biyan ka saboda faɗinta. Ba yadda za a yi a raba masu maki ɗaya ba tare da an koma cikin wasannin da aka riga aka ƙirga ba. Saboda haka abin tambaya shi ne wane ɓangare na tarihin rukunin ya fi cancanta a sake dubawa. Ni na ce ɓangaren da masu gardamar biyu duk suna cikin fili, kowa yana iya kare kansa da ƙafarsa, kuma kowa ya san abin da ke kan faranti. A Luanda da Kano babu wani na uku da ya yanke mana hukunci. Minti 180 aka ba mu, rabi a gidansu rabi a gidanmu, muka ci ƙwallo ɗaya suka ci biyu. A rara kuwa, makomarka tana hannun mai tsaron ragar wata ƙasa da ba ruwanta, a wasan da kai ba ka ma cikinsa.

Wannan maganar ta "hannun na uku" ba tunanin zaune ba ne, mun gan ta a ƙasar nan da idonmu. A watan Yulin 2013, a Bauci, aka yi wasannin neman hawa matakin ƙasa na gasar Nationwide. Ƙungiyoyi biyu, Plateau United Feeders da Police Machine, suka shiga wasan ƙarshe da maki iri ɗaya, ya zama yawan ƙwallaye ne zai raba su. An sa wasannin biyu a lokaci guda, wanda shi ne maganin da aka saba bayarwa don hana maguɗi. Da aka tafi hutun rabin lokaci, Feeders na cin Akurba bakwai da nema, Police Machine na cin Bubayaro shida da nema. Da aka tashi, Feeders ta ci 79 da nema, Police Machine ta ci 67 da nema. Yi lissafin da kanka: ƙwallo 72 a cikin minti 45, wato kowace ƙwallo ba ta cika daƙiƙa arba'in ba, har da ɗauko ta daga raga, da kai ta tsakiya, da sake take ta. Hukumar NFF ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara goma, ta haramta wa 'yan wasa da jami'an da ke ciki harkar ƙwallo har abada. Labarin ya zagaya duniya, aka yi ta yi da mu.

Abin lura a nan ba rashin kunyar mutanen kawai ba ne. Tsarin ne ya sanya wa ƙwallo ta ashirin da ta hamsin farashi. Maki yana da iyaka: ko da ci nawa ka yi nasara, uku za a ba ka. Rara ba ta da rufi, kuma wanda zai sayar maka da ita ba ya asarar komai, tun da an riga an ci shi, ko ya riga ya fita. A karawar juna kuwa, mutum ɗaya ne zai iya sayar maka da nasara, shi ne wanda kuke takara da shi, kuma idan ya sayar kansa ya yanka. Ban ce fifita karawar juna yana toshe ƙofar gaba ɗaya ba. Idan masu takarar sun yi canjaras a tsakaninsu, dole a gangara zuwa rara, ƙofar ta sake buɗewa. Amma ƙofar da ake isa gare ta a mataki na biyar ba ɗaya take da wadda ke bakin zaure ba. Inda abin da ake nema babba ne, kamar hawa mataki ko faɗuwa, ni na fi son a sake haɗa su wasa guda a filin da ba na kowa ba, kamar yadda Italiya ta yi a 2023, inda Verona da Spezia suka sake karawa don a fitar da mai faɗuwa daga Serie A, Verona ta ci uku da ɗaya ta tsira.

Yanzu bari in tsallaka iyaka zuwa Nijar, domin dokar da kake tsine wa ita ce ta kai 'yan'uwanmu gasar cin kofin Afirka karon farko a tarihinsu, kuma labarin yana koyar da yadda ake lissafin idan ƙungiyoyi uku ne suka cuɗe. A wasannin neman gurbin gasar 2012, Nijar na rukuni ɗaya da Masar mai riƙe da kofi, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Mena ta Nijar, ƙarƙashin Harouna Doula, ta cinye wasanninta uku na Yamai: Masar ɗaya da nema, Saliyo uku da ɗaya, Afirka ta Kudu biyu da ɗaya. A waje kuma duka ukun aka doke ta. Ranar ƙarshe, 8 ga Oktoba 2011, Masar ta zura mata uku da nema a Alƙahira, yayin da Afirka ta Kudu ke karɓar Saliyo a Nelspruit. Da labarin Alƙahira ya iso, kociyan Afirka ta Kudu, Pitso Mosimane, ya duba teburinsa ya ga canjaras zai ba shi maki tara daidai da Nijar da Saliyo, kuma rararsa ta fi ta kowa. Sai ya ja 'yan wasansa baya, aka shiga ɓata lokaci, aka tashi babu ci. Suka zagaya fili suna rawa, 'yan kallo na busa bubuzela, ana murnar an samu gurbi. Ga yadda teburin yake a idonsa:

```
Ƙasa              Maki   Ci   An ci   Rara
Afirka ta Kudu     9     4     2      +2
Saliyo             9     5     5       0
Nijar              9     6     8      -2
```

Dokar CAF kuwa ba haka ta ce a jera su ba. Ta ce a ware ƙungiyoyin da suka yi daidai, a cire duk wasan da suka yi da wanda ba ya cikin gardamar, a nan Masar ke nan, a zana musu ƙaramin teburi nasu su kaɗai. Kowace ta yi wasa huɗu da sauran biyun. Nijar ta doke Saliyo sau ɗaya, ta doke Afirka ta Kudu sau ɗaya, aka doke ta sau biyu: maki shida. Afirka ta Kudu ta doke Nijar sau ɗaya, Nijar ta rama, sannan ta yi canjaras biyu da Saliyo: maki biyar. Saliyo ma haka, nasara ɗaya a kan Nijar, kashi ɗaya, canjaras biyu: maki biyar. Nijar ce a sama, kuma ukun da aka zura mata a Alƙahira ba su shiga wannan lissafin ba sam. Rawar Nelspruit ba ta daɗe ba aka zo aka gaya musu gaskiya, Mosimane kuma ya amsa da bakinsa cewa da gangan ya nemi canjaras saboda yadda ya fahimci dokar.

Na san abin da za ka ce: ga shi nan, ƙungiyar da aka fi zura wa ƙwallo a rukunin ita ta wuce. Ƙwarai kuwa. Amma dubi ta ɗaya fuskar. Nijar ce kaɗai ta ci wasa uku a rukunin, kuma ta doke kowace ƙasa da ke cikinsa. Afirka ta Kudu ta yi minti 180 da Saliyo ba ta zura ko ɗaya ba. Rararta mai kyau ta samu ne daga rashin bari a ci ta, wasanninta uku aka tashi babu ci ko ɗaya. A rukuni na wasa shida, rana ɗaya mara kyau tana iya cinye rararka duka: kafin tafiyarta Alƙahira, Nijar ta zura shida an zura mata biyar. Ma'aunin da wasa ɗaya, da ƙasar da ta riga ta fita, zai iya kifar da shi haka, ban yarda a kira shi madubin ƙarfin ƙungiya ba. Kuma babu wanda ya hana Afirka ta Kudu gurbinta sai ita kanta. Da ta ci Saliyo ƙwallo ɗaya tak, da maki goma sha ɗaya take da shi, da ba a ma buɗe shafin raba gardama ba. Ta zaɓi ta tsaya ne bisa dokar da ba ita ke aiki ba.

To, inda kake da gaskiya zan ba ka. A doguwar gasa irin Firimiyar Ingila, inda kowa ke wasa 38, rara ma'auni ce mai kyau. Wasa ɗaya na ruwan ƙwallaye yana narkewa cikin sauran talatin da bakwai, kuma karawar juna wasa biyu ne kawai cikin wata tara, wataƙila ɗaya ya faɗo lokacin da rabin 'yan wasanka ke jinya. A 2012 Manchester City da Manchester United sun gama da maki 89 kowace, City ta ɗauki kofin da rara 64 a kan 56, ba wanda ya ce an yi zalunci. Sifaniya ta zaɓi ɗaya hanyar: a 2007 Real Madrid da Barcelona sun gama da maki 76, Barcelona ta fi rara da tazara mai yawa, amma Madrid ta ɗauki kofin saboda ta ci biyu da nema a gidanta, aka yi uku da uku a gidan Barcelona. Da ni ne mai rubuta dokar La Liga, da rara na zaɓa, domin a tsawon kaka guda tana faɗin gaskiya fiye da dare biyu. Kuskurenka shi ne ɗauko abin da ya dace da gasar wasa 38 ka ɗora shi a kan rukunin wasa shida ko goma, inda ƙarfin ƙasashe ya bambanta ƙwarai, filaye suka bambanta, kuma wani yana haɗuwa da mai rauni tun yana da buri, wani kuma sai bayan ya sare.

Haka kuma ba zan ɓoye aibin abin da nake karewa ba, domin yana da shi, kuma ba ƙarami ba ne. A gasar ƙasashen Turai ta 2004, Italiya ta yi canjaras babu ci da Denmark, ta yi ɗaya da ɗaya da Sweden. Denmark da Sweden kowace ta doke Bulgeriya. Ranar ƙarshe, kowa ya iya lissafin: idan Italiya ta doke Bulgeriya, su kuma biyun suka yi canjaras, ukun za su tashi da maki biyar biyar. A ƙaramin teburi duk canjaras ne, maki ɗaya, rara sifiri, sai a koma yawan ƙwallayen da kowa ya ci a tsakaninsu. Italiya tana da ɗaya, kuma ba ta da sauran wasa da za ta ƙara. Idan aka tashi biyu da biyu, Sweden za ta zama da uku, Denmark da biyu, Italiya ta fita ko da ta zura wa Bulgeriya goma. Biyu da biyun kuwa aka tashi, Sweden ta farke ta biyun saura kamar minti ɗaya. Babu wanda ya kafa hujjar an haɗa baki, wasan ma an buga shi da zafi, amma tsari ya bar ƙasa guda ba ta da abin yi da ƙafarta, kuma da rara ake bi, ci uku da nema a kan Bulgeriya zai fisshe ta. Wannan aibi ne na gaske. Sai dai cuta ce ta cuɗewar ƙungiyoyi uku a ƙaramin rukuni, ba ta karawar juna kaɗai ba. A kofin duniya na 1982, da rara ake raba gardama, kuma a ƙarƙashinta ne Jamus ta Yamma da Ostiriya suka gane cewa ci ɗaya da nema zai fitar da su duka biyun zuwa zagaye na gaba ya kori Aljeriya. Jamus ta ci tun minti goma na farko a Gijón, aka shafe sauran wasan ana gara ƙwallo ba mai neman kowa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Rarar da kake kira garkuwa ba ta kare Aljeriya ba.

Akwai abin da ya fi damuna a rubutunka fiye da zaɓin ma'auni, shi ne kalmar fashi. Masu shirya gasa a unguwanninmu da ƙananan hukumominmu suna karanta ka, kuma idan suka koyi cewa duk dokar da ta fitar da kai zalunci ce, ba za a ƙara gama gasa lafiya ba. Na taɓa riƙe littafin sakamako a wata gasar matasa ta hutun makaranta, ƙungiya goma sha biyu, rukuni uku, kofin da wani ɗan kasuwa ya saka. Takardar dokokin shafi biyu ce, ta yi maganar kuɗin rajista, da shekarun 'yan wasa, da tarar jan kati, amma ba ta ce uffan a kan kunnen doki ba. A rukuni na biyu ƙungiyoyi biyu suka gama da maki shida shida. Ɗaya ta doke ɗayar biyu da ɗaya, ɗayar kuma ta fi rara saboda ta zura wa 'yan ƙarshen rukunin shida ranar da suka zo da mutum tara. Kociyan farko ya zo da littafina a hannu yana nuna mini layin biyu da ɗaya, yana cewa, "Malam, da idonka ka ga mun ci su." Na biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, a Firimiya yaya ake yi?" Kowane ya zaɓi dokar da ta fisshe shi bayan ya ga sakamako, kuma kowane yana da misalin babbar gasa da zai kawo. Kwana uku ana zama a ƙofar gidan mai unguwa, daga ƙarshe ƙungiya ɗaya ta janye, magoya bayanta suka tuge turakun raga suka tafi da su.

Tun daga ranar, duk gasar da aka kira ni, abin da nake fara nema shi ne a rubuta jerin nan a karanta wa kociyoyi kafin a jefa ƙuri'ar rukuni, kowa ya sa hannu. Ga wanda nake ba su idan rukunin gajere ne:

```
1. maki = (3 x nasara) + canjaras
2. maki a karawar juna
3. rara a karawar juna
4. ƙwallayen da aka ci a karawar juna
5. rara a dukan wasannin rukuni
6. ƙwallayen da aka ci a dukan wasannin rukuni
7. sake wasa, ko ƙuri'a
```

Ina kuma sa a ƙara layi ɗaya da yawancin masu shiri ke mantawa: idan uku suka cuɗe, mataki na biyu zuwa na huɗu ya ware ɗaya ya bar biyu a manne, to a koma mataki na biyu da waɗannan biyun su kaɗai kafin a gangara zuwa na biyar. Rashin wannan layin kan sa mutum biyu masu gaskiya su yi lissafi da doka ɗaya su fito da teburi biyu daban. Wanda ya fi son rara ta hau sama, ya faɗa a wannan zaman, a yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a, ba zan yi fushi ba idan aka kayar da ni. Abin da ba na karɓa shi ne a zo da ita ranar da aka gama wasa.

FIFA ta koma fifita rara a wasannin neman gurbin 2010, kuma na san za ka ce wannan amsa laifi ne. Ni ban gan shi haka ba. Hukuma tana da damar canja dokarta tsakanin gasa da gasa, muddin ta sanar kafin a fara, kuma canjin bai mayar da abin da aka yi a baya sata ba. Angola ta je Jamus, Portugal ta ci ta ɗaya da nema, ta riƙe Mexico babu ci, ta yi ɗaya da ɗaya da Iran. Ba ta kunyata Afirka ba. Mu kuwa, in ana neman inda gurbinmu ya salwanta, ba sai an je ofishin FIFA ba. Mako biyu kafin wasan Kano mun je Kigali mun yi ɗaya da ɗaya da Ruwanda, wadda ta ƙare a ƙarshen rukunin da maki biyar. A filin nan ne dai Akwa ya je ya ci wata huɗu bayan haka. Da mun ci wasan nan, da maki 23 muke da shi, Angola na da 21.